Na yi asara a ajiyar masara, kuma har yau ba wanda ya sani a gidanmu

Mai kula da zaure:
Assalamu alaikum. Wani ɗan uwa a cikinmu ya turo wannan saƙo, ya roƙi a sakaya sunansa. Zai riƙa ba da amsa da sunan Mai Tambaya. Don Allah a tsaya a kan maganar, kuma kada a nemi sanin ko wane ne.

Mai Tambaya:
Wa alaikumus salam. A kakar 2024, tsakanin Nuwamba da Disamba, na sayi masara buhu 400 a kan Naira 57,000 kowane buhu, na kawo ta Dawanau na zuba a sito. Da kuɗin mota da dako da magani da hayar sito, abin da na kashe ya kama Naira miliyan 24. Miliyan 11 ne nawa. Miliyan 6 na mahaifiyata ne da ƙannena mata biyu, kuɗin gonar gado da aka sayar, suka ba ni in juya musu a hatsi a raba riba biyu. Miliyan 5 wani abokina na kasuwa ya ranta mini. Sauran miliyan 2 na maiɗakina ne, adashinta da kuɗin ɗan kunnen zinare da ta sayar, ta ba ni in ajiye mata har a samu fili, ni kuma na zuba a masarar ban faɗa mata ba.

Lissafina shi ne farashi zai tashi kafin damina ta yi nisa, kamar yadda ya yi a shekarar da ta gabata, sai ga shi kullum ƙasa yake yi. A watan Yulin 2025 na sayar da buhu 250 a kan 36,000, na samu miliyan 9. Na biya abokina miliyan 3. Na kai wa Hajiya mahaifiyata 600,000 na ce mata riba ce, alhali babu ribar ko kwabo. Miliyan 1 da dubu 400 sun tafi a cefane da kuɗin makaranta da hayar sito. Yanzu miliyan 4 ne a hannuna, ga buhu 150 a sito, sabuwar masara ta fara shigowa, kuma ba a taya tawa sama da 30,000.

Ba wanda ya sani a gida. Kullum nakan yi wanka in saka manyan kaya in fita kamar mai abin yi, in je in zauna a rumfar wani har la'asar. Barci ba ya zuwa sai wajen asuba. Idan na ji yarana suna faɗa wa abokansu cewa babansu babban ɗan kasuwa ne, sai in ji kamar in nutse. Ni ne babba a ɗakinmu, ni ake kawo wa kuka, ga shi na salwantar da gadon marayu. Shin in ci gaba da yin shiru har Allah ya kawo yadda zan mayar da kuɗin, ko in faɗa? Idan faɗar ce, wa zan fara faɗa wa?

Abu Safwan:
Allah ya mayar da alheri. Shawarata ita ce ka riƙe sirrinka. Namiji ba ya kwance wa iyali cikinsa a kan kowace matsala, kuma da zarar magana ta shiga gida ta fita unguwa, daga nan masu ba ka kaya bashi za su janye hannu. Ba kai ka jawo wa kanka ba, gwamnati ce ta cire harajin shigo da masara da shinkafa da alkama na kwana 150 a watan Yulin 2024, kayan waje suka cika kasuwa. Ka riƙe buhu 150 ɗin nan zuwa bazara, farashi zai dawo, ka mayar wa kowa kuɗinsa ba tare da an ji ba.

Tsohon Dillali:
Abu Safwan, maganar haraji gaskiya ce, amma ba ita kaɗai ba ce. Kakar ta yi kyau a wurare da yawa, Naira ta ɗan tsaya wuri ɗaya, sannan ribar da aka gani a shekarar da ta gabata ta sa ma'aikata da 'yan fansho da matan aure, waɗanda ba su taɓa taɓa hatsi ba, kowa ya cika ɗaki da buhuna. Da farashi ya fara sauka sai duk suka fito da kayan lokaci guda. Saboda haka Mai Tambaya, ka sani cewa mutanen da suka fi ka jari da daɗewa a kasuwa sun faɗi a wannan rami, wasunsu ma da tirela ake lissafin kayansu.

Inda ban yarda da Abu Safwan ba shi ne batun jira. Bari mu yi lissafi da alƙaluman da ya bayar. Abin da ya rage masa tsabar kuɗi miliyan 4 ne, da masara ta miliyan 4 da rabi idan an sayar a 30,000, jimla miliyan 8 da rabi. Idan har yana so ya mayar wa abokinsa miliyan 2, da maiɗakinsa miliyan 2, da Hajiya cikon miliyan 5 da dubu 400, to yana buƙatar miliyan 9 da dubu 400, ban da abin da gida zai ci a watannin jiran. Tsohuwar masara kuwa ba ta jiran mutum kyauta. Hayar sito tana tafiya, sai an sake zuba magani, nauyi yana raguwa, kuma mai saye yana soka buhu ya ga gari da ƙwaro ya huda sai ya rage maka farashi ƙasa da na sabuwa. Ɗan uwa, ka je da kanka ka sa a soka buhunan da ke ƙasa da na jikin bango, kada ka tsaya a na sama, domin can ne laima da ƙwari suke fara ɓarna.

Abin da na fi gani yana karya mutane a kasuwa ba faɗuwar farko ba ce. Kuɗin da ake kashewa don kada a gane an faɗi, su ne suke cinye ragowar jari. Dubu 600 ɗin nan da ka kira riba misali ne. Idan ka yi shiru, nan da 'yan watanni Hajiya za ta sa ran wata ribar, kuma daga cikin miliyan 4 ɗin nan za ka ciro ta.

Maman Ilham:
Ni a matsayina na mace zan yi magana. Malam, ina ganin maiɗakinka ta riga ta san akwai abin da ke damunka, abin da ba ta sani ba shi ne mene ne. Shekarun baya maigidana ya yi asara a harkar taki, ya ɓoye mini. Ya daina cin abinci sosai, waya tana ƙara sai ya fita waje ya amsa, ya koma faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Wallahi ni aure na zata zai ƙara, har na kai ƙara wajen yayarsa, aka yi ta ɓacin rai a kan abin da babu shi. Ranar da gaskiya ta fito, ba asarar ce ta fi ƙona mini rai ba, sai tunanin cewa duk watannin nan ina neman kuɗin anko da na biki a wurin mutumin da bashi ya sha masa kai, shi kuma yana ba ni don kada in gane. Da na sani da na rage abubuwa da yawa da kaina, domin mace ce ta san inda kuɗin cefane yake zurarewa.

Amma kada in ɓoye maka, taka ta fi tamu nauyi, tunda kuɗinta ne ka taɓa. Za ta yi fushi, kuma tana da gaskiya.

Ɗan Rimi:
Ku yi haƙuri, amma mu talakawa da muka sayi kwanon masara da tsada lokacin da ake rufe hatsi a sito, ba za mu yi kuka ba. Ko a farkon 2024 sai da hukumar yaƙi da cin hanci ta Kano ta rufe wasu rumbuna a Dawanau saboda zargin ɓoye abinci. Wannan alhaki ne, ya tuba kawai.

Mai kula da zaure:
Ɗan Rimi, bawan Allah bai tambayi hukuncin ajiyar hatsi ba, kuma wannan muhawara ce mai zaman kanta da za a iya buɗe mata wani wuri. Mu koma kan abin da ya tambaya.

Malam na Zaure:
Allah ya yaye maka, ɗan uwa. Na lura ka haɗa kuɗin nan gaba ɗaya ka ɗora wa kanka a matsayin bashi, kuma ina jin wannan yana cikin abin da ke hana ka barci. A fiƙihu ba hukuncinsu ɗaya ba.

Kuɗin abokinka rance ne, biyansa cikakke wajibi ne, ko an ci riba ko an faɗi. Sai dai Alƙur'ani a Suratul Baƙara, aya ta 280, ya umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kuma ba zai saurara maka ba sai ya san halin da kake ciki. Kuɗin maiɗakinka ajiya ce. Da ɓarawo ne ya sace su ba tare da sakacinka ba, da babu komai a kanka, amma tunda ka juya su ba da izininta ba, sun zama lamuni a wuyanka, miliyan 2 cif.

Na Hajiya da ƙannenka kuwa, yadda ka bayyana, ƙiradi ne, wato su da dukiya kai da wahala, a raba riba. Ƙa'idarsa ita ce idan asara ta auku ba da ganganci ko saɓa sharaɗi ba, mai dukiya ne ke ɗaukar asarar dukiyarsa, mai juyawa kuma ya yi asarar wahalarsa. Sun ce ka sa a hatsi, a hatsi ka sa, kasuwa ce ta juya. Kuɗinsu kashi ɗaya cikin huɗu ne na jarin, saboda haka kashi ɗaya cikin huɗu na abin da masarar ta zama shi ne haƙƙinsu. Idan an haɗa miliyan 9 da aka sayar da miliyan 4 da rabi da ke sito, rabonsu miliyan 3 da dubu 375 ne. Dubu 600 da ka bayar daga uwar kuɗi ta fito, sai a cire ta, saura miliyan 2 da dubu 775. Idan ka biya wannan da na abokinka da na maiɗakinka, za ka tashi da kusan miliyan 1 da dubu 700 naka na kanka, ba bashin kowa.

To amma a nan ne shirun yake da haɗari. Asarar ba ta sa ka zama maci amana ba, kiran uwar kuɗi da sunan riba da ci gaba da ɓoye wa masu dukiya halin da dukiyarsu take ciki shi ne abin da zai iya kai ka can. Wannan bayani ne bisa abin da ka rubuta, ya kamata ka zauna da malamin da zai ji daga ɓangarorin biyu.

Abu Safwan:
Malam, a littafi haka ne, amma wane ɗa ne zai dubi mahaifiyarsa ya ce mata rabin kuɗin gonar mahaifinsu ya tafi kuma ba zai biya ba? Ƙannen nan suna da mazaje, gobe za a ce ya cinye gadon marayu ya fake da fiƙihu. Ni dai da ni ne, ko gida zan sayar sai na cika musu.

Malam na Zaure:
Ban hana shi cikawa ba, idan ya yi haka don kyautatawa ya samu lada. Abin da nake so ya bambance shi ne abin da yake wajibi yau da abin da zai yi alkawari a hankali idan Allah ya buɗa. Wanda ya ɗauki kyautatawa a matsayin bashin gaggawa shi ne yake zuwa ya ci bashi mai ruwa don ya rufe wani, ko ya sayar da gidan da 'ya'yansa suke kwana. Kuma akwai tambaya guda da ban yi ba: Mai Tambaya, lokacin karɓar kuɗin, ka ce musu uwar kuɗinsu ba za ta taɓu ba? An rubuta wani abu?

Mai Tambaya:
Ba a rubuta komai ba, Malam. Abin da na tuna shi ne Hajiya ta ce tana tsoro, ni kuma na ce mata ta kwantar da hankalinta, in sha Allahu kuɗinta ba za su yi ciwon kai ba. Ban sani ba ko wannan ya zama lamuni.

Malam na Zaure:
Wannan sai an ji yadda ita ta fahimci maganar. Idan kwantar da hankali ne kawai, ƙiradin yana nan yadda yake. Idan kuwa sharaɗi ne aka gina yarjejeniyar a kansa, malamanmu na Malikiyya suna ganin sharɗanta lamuni a kan mai juyawa yana ɓata ƙiradi, sai a koma a duba yadda za a warware. Ba zan yanke wannan a nan ba.

Ma'aikaciyar Jinya:
Kowa yana lissafin kuɗi, ni kuma maganar barcin ce ta tsaya mini. Yayana, baƙin ciki bayan asara irin wannan ba ciwo ba ne. Amma idan an wuce mako biyu kusan kullum mutum ba ya barci, ba ya jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa, abinci ya fita ransa, yana ganin kansa ba shi da amfani, to ya kamata likita ya gan shi, kuma wannan ba raunin imani ba ne. Ka fara da auna hawan jini, ka faɗa wa likitan gaskiyar abin da ya faru, kada ka tsaya a kan ciwon kai kawai. Kada ka sayi maganin barci a kemis da kanka. Idan kuma tunani ya taɓa zuwa maka cewa gara ba ka raye, ko iyalinka za su fi hutawa ba kai, kada ka kwana da shi kai kaɗai, ka faɗa wa wani a ranar ku tafi asibiti, kuma maganin ƙwarin da ake sa wa hatsi ya bar hannunka, wani ya riƙe. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano yana da sashen da ke duba irin wannan.

Game da Hajiya, idan tana da hawan jini ko ciwon suga, ba dalilin ɓoye mata ba ne har abada, dalili ne na zaɓar lokaci: da safe bayan ta ci abinci ta sha maganinta, ba da dare ba, kuma da wani babba a wurin.

Tsohon Dillali:
Tunda ya tambayi wa zai fara faɗa wa, ga yadda na ga masu hankali suna yi. Kafin ka buɗe baki, ka rubuta komai a takarda ɗaya: abin da aka saya, abin da aka sayar da ranarsa, abin da ya rage, da rasiɗin sito idan akwai. Mutumin da ya zo da kuka kawai ana zarginsa, wanda ya zo da takarda kuwa ana iya bin lissafinsa. Ka fara da maiɗakinka, kuma ka je mata da kuɗinta a hannu tunda kana da su, ka ce ga abin da na yi, ga haƙƙinki. Sannan abokinka, shi ɗan kasuwa ne, ya san farashin masara fiye da kai, ina ma zaton ya daɗe da ganewa yana jiran ka yi magana ne. Hajiya ce ta ƙarshe, tare da kawunku ko wani da take jin nauyinsa, kuma ƙannenka su ji daga bakinka a zama ɗaya, kada ɗaya ta ji a wurin ɗaya. Yara ba sai sun ji adadi ba, ya isa a ce musu kasuwa ta yi nauyi bana za a rage wasu abubuwa.

Abu ɗaya da zan roƙe ka: kada ka taɓa bashin manhajar waya. Ruwansu yana da yawa, wa'adinsu gajere ne, kuma wasunsu idan ka makara sukan aika saƙon cin mutunci ga lambobin da ke wayarka. Sirrin da kake ɓoyewa sai surukanka su karanta shi a wayoyinsu.

Maman Ilham:
Baba Dillali, ban yarda a bar Hajiya a ƙarshe ba. Idan ta ji cewa matarsa ta riga ta sani, har an mayar mata da kuɗinta cif alhali na marayu ya ragu, wannan kaɗai zai iya haɗa uwar miji da suruka faɗan da ba zai ƙare ba. Mu mata mun san wannan. Ko dai a faɗa musu a rana ɗaya, ko a riƙe biyan kowa har sai an zauna.

Tsohon Dillali:
Wannan ban hango shi ba, kuma kina da hujja. Sai dai har yanzu ina ganin mutum yana buƙatar wanda zai tsaya a bayansa kafin ya shiga ɗakin mahaifiyarsa da irin wannan labari.

Mai Tambaya:
Na gode muku gaba ɗaya. Jiya bayan sallar isha na faɗa wa maiɗakina, na nuna mata takardar. Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta tambaye ni tun yaushe, da na ce tun kafin azumi na san an faɗi, sai ta tashi ta shiga ɗakin yara ta kwana can. Da safe ta kawo mini koko, ta ce in riƙe kuɗin tukuna kada in ba ta har sai an zauna da Hajiya, amma in rubuta mata a takarda in sa hannu, kuma har yanzu ba ta sake mini fuska ba. Na je an auna ni, jinina ya hau, an ba ni magani an ce in dawo bayan mako biyu. Wancan tunanin da 'yar uwa ma'aikaciyar jinya ta ambata bai zo mini ba, alhamdu lillahi.

Na sa an soka buhunan ƙasa, kusan ashirin ƙwari sun fara shiga. Kawunmu yana Zariya, na kira shi ya ce zai shigo ranar Asabar. Abin da ban yanke ba shi ne ko in sayar da buhu 150 ɗin kafin zaman, in je da kuɗi a hannu, ko in bari sai sun ji.

Tsohon Dillali:
Ashirin ɗin da ƙwari suka taɓa ka fitar da su gobe, a bushe a tankaɗe a sayar wa masu abincin kaji ko nawa aka taya, kafin su lalata na kusa da su, kuma ka karɓi shaidar ciniki a rubuce. Sauran 130 kada ka taɓa su sai ranar Asabar, domin kashi ɗaya cikin huɗu nasu ne, a tambaye su ko a sayar ko a jira. Idan mijin wata daga cikin ƙannenka yana son ya ga kayan da idonsa, ka ba shi mukullin sito ya je ya ƙirga.